Babi na Shida: Layi Ɗaya a Rajistar Makaranta

A kowace sakandaren gwamnati akwai wani littafi mai kauri da ake ajiyewa a ofishin firinsifal ko na mataimakinsa, shi ne rajistar ɗaukar ɗalibai. Ta bambanta da rajistar kiran suna da malamin aji ke buɗewa kowace safiya. Ita wannan sau ɗaya ake rubuta yaro a cikinta, ranar da aka karɓe shi, kuma layi ɗaya ne rabonsa: lambar shiga, suna, namiji ne ko mace, ranar haihuwa, makarantar da ya fito, sunan uba ko mariƙi da sana'arsa, sai jiha da ƙaramar hukumar asali. Wasu makarantun suna da fom da ke ƙara gurbin ƙasa da na addini da na ƙabila. Can ƙarshen layin akwai wani ɗan fili na ƙarin bayani wanda yawanci ake barinsa fayau. Daga wannan layi ake kwafo abin da za a sa a takardar sauya makaranta, da takardar shaidar kammalawa, da jerin sunayen da za a tura wa hukumomin jarrabawa. Abin da aka rubuta a nan da gaggawa yakan bi yaro shekara shida, wani lokaci har ya bi shi zuwa neman aiki.

Da gaggawar kuwa ake rubuta shi. A makon farko na sabon zango malami ɗaya ne zai zauna da tulin fom, yara sun cika aji har bakin ƙofa. Iyaye kaɗan ne ke zuwa da kansu, galibi yaya ne ko maƙwabci ya rako yaro ya juya. Malam ya ɗaga kai ya ce, "Ke 'yar gidan wa ce?" Kafin yarinya ta buɗe baki sai 'yan unguwarsu su amsa mata, "'Yar gidan Buzu mai raƙuma ce, Malam." Aji ya yi dariya, Malam ya murmusa, alƙalami ya wuce. A gurbin ƙabila ya sa Buzu, a gurbin ƙasa ya sa Nijar, a gurbin ƙaramar hukuma ya ja ɗan layi tunda a ganinsa 'yar Nijar ba ta da ƙaramar hukuma a nan. Bai yi da mugun nufi ba. Abin da gari ke faɗa ya rubuta, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa cewa gurabun nan uku tambayoyi uku ne daban, kowace da dokarta.

Irin wannan ya fi yawa a ƙasar Gumel fiye da yawancin wurare, kuma dalilin yana cikin tarihin masarautar kanta. Ɗan Juma da Mangawan da ke tare da shi suka kafa ta wajen 1750, ta zauna ƙarƙashin inuwar Barno, kuma jihadi bai ci ta ba, don haka ba ta taɓa shiga daular Sakkwato ba. Kafin a dawo da gadon sarauta garin Gumel a 1845, yana Tumbi ne, Tumbi kuwa yau tana cikin Jamhuriyar Nijar. Sarki Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903, sannan a 'yan shekarun da suka biyo baya Ingila da Faransa suka daidaita kan iyaka suka kafa alamominta, layin ya ratsa ta tsakiyar dangi da gonaki da burtalai. Ƙananan hukumomi huɗun da suka haɗu suka yi masarautar a yau, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, cike suke da gidajen da kaka ɗaya ta fito daga Dungas, wata daga Magarya ko Damagaram. Kasuwar Maigatari da ke ci kowace Alhamis ta ƙara ɗaure abin: masu raƙuma da shanu da tumaki suna gangarowa daga arewa, wasu su saba da gari, su kama haya, su nemi aure, su haihu. An rufe iyakar a 2019 har zuwa Disambar 2020, an sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Yamai, amma rufe ƙofa bai warware auren kowa ba. Mangawan ma da suka kafa sarautar, jikokinsu da yawa Hausa kawai suke ji yau. Idan ana neman wanda asalinsa bai gauraya ba a wannan yanki, za a sha wuya.

Bari mu ɗauki gida ɗaya irin waɗanda ake samu a Maigatari, mu bi shi daki-daki. Maigidan asalin iyayensa Abzin, ya tashi a wajajen Tanut, fataucin raƙuma ya kawo shi, ya zauna shekara da shekaru, takardunsa duk na Nijar ne. Matar 'yar wani ƙauye ce a Sule Tankarkar, zuriyar Mangawa, ta yi sakandare a Gumel. 'Yarsu ta fari an haife ta a Maigatari, tana da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, yanzu tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Uwar ba ta san cewa irin wancan layi aka rubuta wa 'yarta a rajista ba sai da aka raba wani fom na tallafin karatu, aka tsallake 'yarta, aka ce mata ai na 'yan ƙasa ne.

Tambaya ta farko ita ce ta ƙasa, kuma a nan ne al'ada da doka suka fi raba hanya. A wurinmu ɗa na uba ne. Da sunan uba ake kiransa, nasabarsa ta can take bi, addini ma haka ya koyar, kuma ba wanda ke neman a sauya wannan. Amma zama ɗan Najeriya ba nasaba ba ce, hukunci ne na tsarin mulki, kuma sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 bai fifita uba a kan uwa ba. Duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yancin kai, muddin ɗaya daga iyayensa biyu, ko ɗaya daga kakanninsa huɗu, ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan Najeriya ne ta haihuwa. Wanda aka haifa a waje kuwa, ya isa a ce uwarsa ko ubansa ɗan ƙasa ne. Ke nan ko da a Tanut aka haifi yarinyar nan, uwarta ta ishe ta. Sashe na 42 ya ƙara da cewa ba a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa kawai.

An taɓa gwada wannan a gaban kotu, da babban mutum kuwa. A Janairun 1980, zamanin mulkin Shagari, jami'an shige da fice suka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Barno kuma ɗan jam'iyyar GNPP, suka tsallaka da shi Chadi suka ajiye, bisa hujjar cewa mahaifinsa mutumin can ne. Aka kai ƙara babbar kotun Maiduguri. Kotu ta gamsu cewa mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ta ce wannan ya wadatar, korar haramtacciya ce, kuma kotun ɗaukaka ƙara a Kaduna ta tabbatar da cewa ɗan ƙasa ne. Siyasa ce ta haddasa wancan, kowa ya sani, amma tunanin da aka fake da shi, cewa ɗan baƙo baƙo ne ko wace ce uwarsa, shi ne dai wanda ke tuƙa alƙalamin malamin aji ba tare da ya lura ba.

A ɗaya gefen kuma, yarinyar 'yar Nijar ce ta wajen ubanta, kuma ba dole ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya ba. Tsarin mulkin Najeriya bai ƙwace wa ɗan ƙasa ta haihuwa matsayinsa don yana riƙe da wata ƙasar, Nijar ma tun 2014 dokarta ta yarda da riƙe ƙasa biyu. Da a ce abin juye yake, uba ɗan Gagarawa uwa 'yar Magarya, nan ma haka ne, domin tun 1999 mace 'yar Nijar tana iya gadar wa ɗanta ƙasarta. To amma rajistar makarantar Najeriya abin da take tambaya shi ne ko ɗalibin nan ɗan Najeriya ne, kuma amsar a nan e ce, ba tare da wani amma ba.

Tambaya ta biyu, ta jiha da ƙaramar hukumar asali, ita ce mai tsada. Da ita ake raba gurbin karatu da tallafi da aikin gwamnati. A jami'o'in tarayya kaso 45 cikin ɗari na gurabu ana ba da su bisa cancanta, 35 ga yankin da jami'ar ke hidima wa, 20 kuma ga jihohin da aka ayyana cewa suna baya a ilimin boko, Jigawa na cikinsu. Yaron da aka bar masa wannan gurbi fayau ya rasa ƙofofi biyu daga cikin uku tun bai kai ga bakinsu ba. A nan ma rubutacciyar doka tana tare da uwar. Sashe na 318 na tsarin mulki ya ce mutum ɗan jiha ne idan ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan asalin al'ummar jihar ne, ƙa'idojin Hukumar Raba Daidai ta Tarayya ma haka suka ce game da ƙaramar hukuma, da sharaɗin kada mutum ya yi da'awar fiye da ɗaya. Don haka abin da ya kamata a rubuta wa yarinyar shi ne Jigawa, Sule Tankarkar, inda uwarta ta fito, ko da yake a Maigatari aka yanke mata cibiya. Mutane da yawa sukan ruɗe a nan, su sa garin haihuwa a gurbin asali, sai ranar neman takardar shaida a tarar babu mai unguwar da zai ce ya san kakanta a can.

Tambaya ta uku, ƙabila, ita ce ta fi zafi a zuciya kuma ita ce ta fi rashin nauyi a doka. Gwamnatin tarayya da kanta ba ta tambayi ƙabilar kowa ba a ƙidayar 1991 da ta 2006. Babu wata jarrabawa da sakamakonta ya rataya a kan wannan gurbi. Inda fom ya tanade shi, masu yaro ne ke da ikon faɗin abin da za a sa, ba 'yan aji ba. Kuma kalmar da aka sa wa yarinyar nan tana da nata ciwon. A bakin mutanenmu duk mai rawani da ya gangaro daga arewa Buzu ne, har Bahaushen Maraɗi wani lokaci, alhali a can cikin Abzinawa sunan ya fi danganta da zuriyar da aka taɓa bautarwa, kuma akwai waɗanda ba sa son a kira su da shi. Wani ba ya damuwa, har shi ke kiran kansa haka a kasuwa. Wannan tsakaninsa ne da abokan cinikinsa, kamar yadda Bafulatani da Babarbare ke jifan juna da maganganun da baƙo zai zaci faɗa ne. Wasa yana da muhallinsa. Littafin hukuma ba ya dariya, abin da aka sa masa kawai yake riƙewa.

Ga irin wasiƙar da uwar za ta iya rubutawa. Na tsara ta ne a matsayin misali, na bar sunaye da lambobi don mai buƙata ya sa nasa.

*Zuwa ga Shugaban Makaranta,*

*Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da malamai baki ɗaya, ni ce mahaifiyar ɗalibarku da ke aji biyu na ƙaramar sakandare, wadda na rubuta cikakken sunanta da lambar shigarta a saman wannan takarda. Na rubuto da sanin mahaifinta da yardarsa, ga sa hannunsa a ƙasa kusa da nawa.*

*Na samu labarin cewa a rajistar makaranta an rubuta 'yata a matsayin 'yar Nijar, an bar gurbin ƙaramar hukuma babu komai, an kuma sa Buzu a gurbin ƙabila. Na san ba da niyyar cin fuska aka yi ba, ranar da aka kawo ta ba mu zo da kanmu ba, kuma ba a samu wanda zai yi bayani ba. Shi ya sa nake roƙon a gyara.*

*Mahaifinta ɗan Jamhuriyar Nijar ne, Ba'abzine. Ba ma ɓoye wannan, kuma ba ma son ita ma ta tashi tana ɓoyewa. Ni kuma 'yar Najeriya ce, iyayena da kakannina Mangawa ne na ƙaramar hukumar Sule Tankarkar. An haife ta a Maigatari. Bisa sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya, ita 'yar ƙasa ce ta haihuwa ta wajena.*

*Abin da nake roƙo guda huɗu ne. A rubuta Najeriya a gurbin ƙasa. A rubuta Jigawa da Sule Tankarkar a gurbin asali. A gurbin ƙabila a rubuta Abzinawa da Mangawa, duka biyun, idan kuma fili bai isa ba ko ba dole ne a cike shi ba, a bar shi, a sa a gurbin ƙarin bayani cewa mahaifinta ɗan Nijar ne, mahaifiyarta 'yar Najeriya. Na huɗu, a rubuta sunanta da na mahaifinta harafi da harafi yadda suke a takardar haihuwarta, domin na ga an rubuta su iri biyu a katin sakamakonta.*

*Na haɗo da kwafin takardar haihuwarta, da kwafin takardar shaidar asalina ta ƙaramar hukuma, da kwafin katin shaidar mahaifinta. Na asalin suna hannuna, zan kawo su duk ranar da ka ce. Ina roƙon a yi gyaran kafin a fara rajistar jarrabawar aji uku, kuma a ba ni dama in ga layin da idona bayan an gyara.*

*Akwai kuma abin da ba na rajista ba. Yara suna kiranta da wannan suna a aji, wani lokaci har a gaban malami, ta kai ga ba ta son mahaifinta ya zo ɗaukarta da rawaninsa. Ba na neman a hukunta kowa. Idan malamin ajinsu zai riƙa kiranta da sunanta kawai, na tabbata yaran za su bi.*

*Allah ya ƙara girma, ya saka muku da alheri a kan tarbiyyar 'ya'yanmu.*

*Mahaifiyar ɗaliba, tare da mahaifinta.*

Wasiƙar ba ta da ado, kuma da gangan ne. Firinsifal mutum ne mai takardu da yawa a gabansa, abin da yake so ya gani shi ne mene ne kuskuren, me za a sa a madadinsa, ina hujja. Duk wasiƙar da ta buɗe da zargin wariya za ta sa malamin da ya cike fom ya tsaya kare kansa, gyaran minti biyar ya zama rigimar zango guda. Uwar ta ba shi mafita tun a sakin layi na biyu. Ta ambaci sashe ɗaya tak na tsarin mulki, wanda ya isa ya nuna cewa ta san abin da take faɗa ba tare da ta mai da ofishin kotu ba. Sa hannun uban kuma yana toshe tambayar da tabbas za a yi, wato ko maigidan ya san da wannan. A rubuta ta da Hausa ba laifi ba ne, firinsifal a ƙasar Gumel zai karanta ta sarai, sai dai yana da kyau a haɗa da gajeren kwafi na Turanci saboda fayil, tunda wanda zai duba shi nan da shekara biyar ba a san daga ina za a turo shi ba. A yi kwafi biyu, a sa wa ɗaya hatimin makaranta da kwanan wata, a koma da shi gida.

Wurin da na fi so mai karatu ya tsaya shi ne inda ta ce ba sa ɓoyewa. Domin akwai wata hanya mai sauƙi da gidaje da yawa ke bi, kuma malamai masu tausayi su ne ke ba da shawararta: a rubuta Hausa, a rubuta Maigatari, a sa sunan kawu a gurbin uba, shi ke nan an huta. Ana hutawa kuwa, na ɗan lokaci. Matsalar tana fitowa ne ranar da takardu suka haɗu a tebur ɗaya. Takardar haihuwa tana ɗauke da sunan uba na gaskiya, ta makaranta tana ɗauke da na kawu. Tun 2021 JAMB ba ta yi wa kowa rajista sai da lambar NIN, kuma daga can take janyo suna da ranar haihuwa, don haka idan NIN ta bi takardar haihuwa, sakamakon WAEC ko NECO kuma ya bi rajistar makaranta, an samu mutum biyu a kan takarda. Daga nan sai rantsuwar kotu, da sanarwa a jarida, da zirga-zirga zuwa Dutse, duk don a tabbatar da abin da tun farko gaskiya ne kuma doka ta yarda da shi. Ban da wannan, ƙaryar tana barin makami a hannun duk wanda ya san gidan. Ranar da yarinyar ta nemi wani muƙami, mai hassada zai ce ai ubanta ɗan Nijar ne, ta yi ƙarya a takardu. Rabin farko na maganarsa ba ya hana ta komai, rabi na biyun ne zai kayar da ita, kuma iyayenta ne suka ba shi. Sannan ga abin da ake koya wa yaro ɗan shekara goma sha biyu idan aka ce masa a makaranta kada ya ambaci ubansa.

Batun haruffan suna kuwa, ƙarami ne a ido amma shi ya fi yawan jawo wahala a gidajen kan iyaka. Takardun Nijar da rubutun Faransanci ake yin su. Wanda muke rubutawa Usman, a katinsa Ousmane ne, Yusuf ya zama Issoufou, Zainab ta zama Zeinabou. Ma'aikacin da ya cike takardar haihuwa wataƙila ya kwafo daga katin uban, malamin firamare kuma ya rubuta yadda kunnensa ya ji. Babu wanda ya fi wani daidai a cikinsu. Ƙa'idar ita ce a zaɓi ɗaya, wanda ke kan takardar haihuwa tunda ita ce ta fara, a bi shi ko'ina, da tsarin jerin sunayen ma, wane ne na farko wane ne na ƙarshe. Idan yaron a Nijar aka haife shi, a can ya fara lakwal aka dawo da shi, a nemi takardar haihuwarsa ta can a sa a fassara, kada a ƙirƙiro masa sabuwar ranar haihuwa don a daidaita shi da 'yan ajinsa.

Shi kansa gyaran yana da yadda ake yinsa. Ba a goge rajista, ba a shafa mata farin ruwa, ba a yage shafi. Ana jan layi ɗaya siriri a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a sama, firinsifal ko mataimakinsa ya sa hannu da kwanan wata a gefe, a ambaci wasiƙar a gurbin ƙarin bayani, a ajiye ta a fayil ɗin ɗalibar. Rajistar da aka shafe tana jawo zargi, wadda aka gyara a fili kuwa tana kare makarantar da yaron gaba ɗaya. Kuma littafin ba shi kaɗai ba ne. Akwai rajistar aji, akwai katin sakamako, akwai jerin da malamin jarrabawa ke riƙe da shi a kwamfuta, wanda sau da yawa tun daga aji ɗaya aka buga shi ba a sake dubawa ba. Iyaye sukan ga an gyara littafi su tafi da murna, sai takardar jarrabawa ta fito da tsohon kuskure. Hanyar ganewa ita ce a nemi ganin takardar da ake bugowa bayan an shigar da sunan ɗalibi don jarrabawa, wadda ke ɗauke da hotonsa da bayanansa, a karanta ta harafi da harafi kafin a rufe rajista. Kafin rufewa gyara aikin malami ɗaya ne. Bayan rufewa ya fita daga hannun makaranta.

Wasiƙar tana da iyakarta. Firinsifal ba ya ba da takardar shaidar asali, ƙaramar hukuma ce ke bayarwa, bayan mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida. A nan ne uwar za ta iya cin karo da al'ada tsirara, domin a aikace ofisoshi da yawa asalin uba suke tambaya, kuma ma'aikaci na iya cewa shi bai taɓa ba wa ɗan mace ba. Abin da ke taimakawa shi ne a fara daga ƙasa: kakan yarinyar na wajen uwa, ko kawunta, ya je wurin mai unguwar ƙauyensu da kansa, tunda shi aka sani, a samo shaidar dagaci da ta hakimi, sannan a doshi sakatariya da takardar asalin uwar a hannu. A yi wannan tun yarinyar tana ƙaramar sakandare, lokacin da ba a gasa da kowa a kan komai, kuma tsofaffin da suka san gidan suna raye. Layin da aka gyara a makaranta yana ƙarfafa wannan nema, domin ya nuna cewa tun tana ƙarama abu ɗaya ake faɗa a kanta.

Idan kuwa firinsifal ya ƙi, ko ya yi ta cewa a dawo gobe, akwai matakai kafin a kai ga fushi. Shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, ko wani dattijo a kwamitin kula da makaranta, yakan warware irin wannan da ziyara ɗaya. In hakan bai yi ba, a rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma idan ƙaramar sakandare ce, ko ofishin ilimi na shiyya idan babba ce, a haɗa da kwafin wasiƙar farko mai hatimi da kwafin takardun nan uku, a kuma ambaci ranar da za a rufe rajistar jarrabawa don su san abin yana da wa'adi.